Bashin Kamfani Ne Ko na Mai Kamfani? Inda Kotu Ke Ɗaga Labule

A kasuwanninmu, in aka ba kamfani kaya bashi, ba kamfanin ake kallo ba, fuskar mai shi ake kallo. An san gidansa, an san motocinsa, an san masallacin da yake salla, don haka sai a ce ai kuɗi ba za su maƙale a hannun Alhaji ba. Ranar da harka ta karye kuma, mai bin bashi ya je wurin lauya, abin da zai fara ji shi ne tambaya: da wa ka yi ciniki, da Alhaji ko da kamfaninsa? Da yawa a nan ne suke fara sanin cewa a idon doka waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Da zarar hukumar CAC ta yi wa kamfani rajista ta ba shi takardar shaida, doka na ɗaukarsa a matsayin mutum mai cin gashin kansa. Yana mallakar fili da mota da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi, kuma mutuwar wanda ya kafa shi ba ta kashe shi. Haka sashe na 42 na dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ya tanada. A kan wannan aka ɗora ƙa'ida ta biyu, cewa mai hannun jari ba ya ɗaukar bashin kamfani fiye da abin da ya rage bai biya ba na kuɗin hannun jarinsa. In ya biya duka, aljihunsa ya fita daga maganar. Wannan kariyar ce lauyoyi ke kira labule, domin ita ce ke tsakanin kamfani da mutanen da ke bayansa.

Shari'ar da ta kafa wannan tushe ta faru ne a Landan, a kan wani mai sana'ar fata da ɗinkin takalma mai suna Aron Salomon. Ya daɗe yana sana'arsa shi kaɗai a unguwar Whitechapel, kuma tana tafiya. A 1892 sai ya ga ya dace ya mayar da ita kamfani, musamman da yake 'ya'yansa maza na son su shigo ciki. Dokar Ingila ta 1862 ta ce sai da mutum bakwai ake kafa kamfani, don haka ya sa matarsa da 'yarsa da 'ya'yansa maza huɗu, kowa da hannun jari ɗaya tak. Shi kuwa ya riƙe 20,001 daga cikin 20,007. Daga nan ya sayar wa kamfanin da sana'ar tasa a kan kuɗi kusan fam 39,000.

A yadda aka biya shi ne rigimar ta samo asali. Ban da hannun jarin, kamfanin ya ba shi takardun bashi na fam 10,000, waɗanda aka jingine kadarorin kamfanin a kansu. Ma'ana, Salomon ya zama mai kamfani, ya zama shugabansa, kuma ya zama mai bin sa bashi da jingina a hannu, wanda in an zo rabon kadara shi za a fara biya kafin sauran masu bashi.

Ba a daɗe ba kasuwar takalma ta faɗi. Ma'aikata sun yi ta yajin aiki, gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai sayen kayansa, ta rarraba kwangilarta ga kamfanoni daban-daban. Salomon bai gudu ba. Ya zuba nasa kuɗin, ya kuma karɓo rancen fam 5,000 daga wani mai suna Broderip, ya ba shi takardun bashin nan a matsayin jingina, ya zuba kuɗin a kamfanin. Duk da haka a 1893 kamfanin ya durƙushe. Da aka biya Broderip, abin da ya rage bai wuce fam dubu da 'yan kai ba, alhali waɗanda suka ba kamfanin kaya bashi ba tare da jingina ba suna bin fiye da fam 7,000. Wannan ɗan ragowar ma Salomon ya ce hakkinsa ne, tunda shi ke da jingina.

Jami'in da aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin ya raba ya ce sam ba zai yiwu ba. A ganinsa kamfanin suna ne kawai, Salomon ne komai, don haka shi ya kamata ya biya mutane daga aljihunsa. Kotun farko ta yarda, ta ce kamfanin wakilin Salomon ne. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta yarda a 1895, ta ce iyalin nan shida 'yan cike gurbi ne, ba abokan jari na gaskiya ba. Amma da maganar ta isa kotun ƙoli ta wancan zamani, wadda ke zama a majalisar dattawan Birtaniya, alƙalan baki ɗaya suka rushe hukuncin a ƙarshen 1896. Hujjarsu a fili take. Doka ta ce mutum bakwai, kuma ga mutum bakwai. Ba ta ce sai sun zama bare ba, ba ta ce sai kowa ya zuba jari mai yawa ba. Tunda an kafa kamfanin bisa ƙa'ida, kuma ba a samu zamba ba, to ya zama mutum daban, bashinsa nasa ne. Masu ba da kayan kuma sun san da kamfani mai iyakantaccen alhaki suke hulɗa.

Ina ganin wannan hukunci ya yi daidai, ko da yake akwai ɗaci a cikinsa. Ba don wannan kariya ba, ba mai yarda ya sa ɗan abin da ya tara a harkar da ba shi ke tafiyar da ita ba, domin kuskuren manaja ɗaya zai iya cinye gidan da iyalinsa ke kwana. Amma kada mu rufe ido daga wanda asarar ke faɗawa kansa. Banki ba ya ba da rance sai da jingina da lauyoyi. Ƙaramin mai kawo kaya, wanda ya ba da amana a kan fuska, shi ne ke tashi hannu rabbana. Kuma cewa kotu ta wanke mutum daga bashin kamfaninsa ba ta hana shi, in yana da hali, ya dubi waɗanda suka amince da shi ba. Wannan tsakaninsa ne da zuciyarsa da Ubangijinsa, ba hurumin alƙali ba ne.

Labulen nan kuma ba kullum yake yi wa mai kamfani daɗi ba. Wani mai suna Macaura a Ireland ya sayar wa kamfaninsa da katakon gandunsa duka, sannan ya yi wa katakon inshora da sunansa na kansa. Gobara ta tashi ta cinye katakon. A 1925 kotun ƙoli ta ce kamfanin inshora ba zai biya shi ko kwabo ba, domin katakon ba nasa ba ne, na kamfani ne, ko da kusan dukkan hannun jarin nasa ne. Duk mai kamfanin da ya yi wa sito ko tirelar kamfani inshora da sunansa, wannan shari'ar ta shafe shi kai tsaye.

Yanzu mu ɗauko misali irin wanda ka iya faruwa a kasuwar hatsi kamar Dawanau. A ce wani ɗan kasuwa ya yi rajistar kamfani da hannun jarin naira miliyan 1, kuma ya biya su duka. Kamfanin ya karɓi riɗi bashi daga dillalai har na naira miliyan 30, ya kuma ci bashin banki miliyan 10 da jinginar sitonsa. Aka kai kaya Legas, mai saye na waje ya ƙi karɓa, farashi ya faɗi, kamfani ya karye. Aka sayar da siton miliyan 14, sauran tarkace miliyan 3, jimla miliyan 17. Banki zai fara cire miliyan 10 ɗinsa daga kuɗin siton. A ce kuɗin aikin rushe kamfanin da albashin ma'aikata da haraji sun ci miliyan 1. Saura miliyan 6, a raba wa masu bin miliyan 30. Kowace naira ta samu kwabo 20 ke nan. Dillalin da ke bin miliyan 5 zai tashi da miliyan 1, kuma gidan Alhaji da motocinsa na kansa ba su cikin lissafin.

A wannan yanayi kotu ba za ta ɗaga labule ba, ko da dillalin ya kawo shaidu goma cewa Alhaji ne kaɗai ke juya kamfanin. Mallakar dukkan hannun jari ba laifi ba ne, dokar 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa shi kaɗai. Ƙarancin jari ma ba hujja ba ne shi kaɗai, tunda mafi ƙarancin da doka ta nema ga irin wannan kamfani naira 100,000 ne. Asara ce ta kasuwa, kuma don irinta aka rataya labulen.

Lissafi yana canjawa ne in mutum ya ɗauki kamfani ya mayar da shi mafaka daga nauyin da ya riga ya hau kansa. Shari'u biyu daga Ingila sun nuna wannan sarai. A ta farko, ta 1933, wani mai suna Horne ya kasance manajan darakta a kamfanin motoci na Gilford, kuma ya sa hannu cewa in ya bar aiki ba zai janye musu abokan ciniki ba. Da ya bar aikin sai aka kafa wani kamfani da sunan matarsa, ya riƙa bin abokan cinikin nan ta cikinsa. Da aka kai ƙara ya ce alkawarin shi ya ɗauka, kamfanin bai ɗauki komai ba. Kotu ta ce wannan kamfani dabara ce kawai ta karya alkawari, ta ba da umarnin hani a kansa da kamfanin gaba ɗaya. A ta biyu, ta 1962, wani mai suna Lipman ya yi cinikin gidansa da Jones a kan fam 5,250, sai ya canja ra'ayi kafin a kammala. Ya yi wuf ya mayar da gidan mallakar wani kamfani da yake juyawa, ya ce yanzu gida ba ya hannunsa. Kotu ta umarce shi da kamfanin su miƙa wa Jones gidan.

Bambancin waɗannan da Salomon yana cikin jerin lokaci. Salomon ya kafa kamfaninsa harka na tafiya lafiya, basussukan da suka jawo rigima daga baya suka zo, kuma tun farko da sunan kamfani aka ci su. Horne da Lipman kuwa alkawari ne ya riga ya ɗaure su, su da kansu, sannan suka jawo kamfani suka tsayar a tsakani don kada a kama su. Tambayar da ya kamata mai neman hakki ya fara yi wa kansa ke nan: nauyin ne ya riga kamfanin shigowa, ko kamfanin ne ya riga nauyin?

Kotun ƙolin Birtaniya ta sake tace wannan ƙa'ida a 2013, a shari'ar rabuwar aure ta Prest, wani attajirin ɗan kasuwar mai haifaffen Najeriya. Kotu ta yanke wa matarsa fam miliyan 17.5, amma gidajen da za a iya cire kuɗin daga cikinsu, guda bakwai, duk da sunan kamfanonin rukunin Petrodel suke. Alƙali Sumption ya raba al'amarin gida biyu. Akwai ɓoyewa, inda ake sa sunan kamfani don a lulluɓe wanda ke da abu a zahiri. A nan kotu ba ta buƙatar yaga komai, leƙawa kawai za ta yi ta ga gaskiya. Akwai kuma zillewa, inda mutum ke da nauyi a kansa ya saka kamfanin da yake juyawa don ya kuɓuce masa. A wannan na biyun ne kaɗai ake ɗaga labule, shi ma sai in babu wata hanya. Kotun ta ƙi ɗaga labule a kan Prest, domin an mallaka wa kamfanonin gidajen tun kafin auren ya lalace. Amma matar ta yi nasara ta wata ƙofa: an duba yadda aka samu gidajen, aka ga da kuɗinsa aka saye su ko kuma shi ya miƙa su a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma ƙi kawo takardun da za su nuna akasin haka. Sai kotu ta ce kamfanonin amana suke riƙe masa, gidajen nasa ne, a miƙa su.

Hukuncin Prest ba dole ba ne a kan alƙalan Najeriya, sai dai su duba shi su amfana. Kotunanmu sun fi sakin hannu a wannan fage, musamman inda aka tabbatar da zamba. A 2010, a shari'ar Alade da kamfanin Alic, wadda ta taso daga haɗin gwiwar cinikin amfanin gona, Kotun Ƙoli ta ɗora wa manajan daraktan kamfanin alhaki shi da kansa, saboda an karkatar da kuɗin da aka zuba don harkar.

Ban da hukuncin kotuna, dokar CAMA da kanta ta buɗe wasu ƙofofi, kuma a ganina su ne suka fi amfani ga ɗan kasuwa. Sashe na 316 ya ce in kamfani ya karɓi rance don wata manufa takamaimai, ko ya karɓi kuɗin kafin alƙalami don wata kwangila, sannan da niyyar zamba aka ƙi amfani da kuɗin a kan abin da aka karɓe su dominsa, to duk darakta ko jami'in da ke da hannu zai mayar da kuɗin daga aljihunsa. Sashe na 672 kuma ya shafi lokacin rushe kamfani: in ya bayyana an gudanar da harka da nufin damfarar masu bashi, kotu na iya ɗora basussukan a kan duk wanda ya shiga ciki da saninsa.

Mu koma kan ɗan kasuwar riɗin nan, mu canja abu ɗaya. A ce wani mai fitar da kaya waje ya tura wa kamfanin miliyan 20 kafin alƙalami, da yarjejeniya a rubuce cewa riɗi za a saya masa. Takardar banki ta nuna kuɗin sun shiga asusun kamfani ranar Litinin, ranar Laraba miliyan 18 sun fita zuwa asusun Alhaji na kansa, daga can kuma zuwa mai sayar da siminti da rodi, ba a sayi ko buhu ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin abin da sashe na 316 ke magana a kai. Ko kuma a ce da dillalai suka kai ƙara, cikin mako biyu aka yi rajistar sabon kamfani da sunan matarsa da ɗansa, aka mayar masa da motocin ɗaukar kaya ba tare da biyan komai ba, ga sito ɗaya, ma'aikata ɗaya, lambar waya ɗaya, allon suna kawai aka sauya. Irin waɗannan alamu ne alƙali ke nema: kwanan watan rajista in an gwada shi da kwanan watan ƙara, ko an biya kuɗin kadarar da aka mayar, da wanda ke sa hannu a asusun sabon kamfanin.

Inda masu ƙara suka fi faɗuwa shi ne wajen hujja. Zamba ba a faɗinta da baki kawai. Dole lauya ya zayyana ta dalla-dalla a takardar ƙara, nawa aka karkatar, yaushe, zuwa ina. Dole a sa sunan daraktan cikin waɗanda ake ƙara tun farko, domin kotu ba ta yanke hukunci a kan wanda ba ta ji ta bakinsa ba. Sannan dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 135, ta ce in an zargi mutum da aikata laifi, ko da a shari'ar neman hakki ce, sai an tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Mizani ne mai nauyi, kuma wanda duk cinikinsa a baki aka yi shi, babu rasit babu takardar banki, da wuya ya kai shi.

Shi ya sa bankuna ba sa jiran ranar ɗaga labule. Kafin su ba ƙaramin kamfani rance, sai darakta ya sa hannu a takardar lamuni cewa in kamfani ya gaza shi zai biya. Daga wannan sa hannun bashin ya zama nasa ta hanyar alkawarinsa, ba sai an tabbatar da zamba ba. Babu abin da ya hana dillali neman irin wannan takarda a kan kayan miliyan 5, kuma ladan lauyan da zai rubuta ta bai kai kwatankwacin abin da shari'ar shekaru za ta ci ba. Haka nan ana iya neman bincike a hukumar CAC don a ga su waye daraktoci, nawa ne jarin, kuma ko an riga an jingine kadarorin ga wani.

Akwai kuma abin dubawa a kan takardar rajistar kanta. In lambar ta fara da RC, kuma sunan ya ƙare da Limited ko Ltd, kamfani ne mai labule. In ta fara da BN, rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba a haifi wani sabon mutum ba, mai shagon da shagon abu ɗaya ne, kuma bashin kasuwancin na iya bin sa har gidansa da gonarsa. 'Yan kasuwa da yawa da ke riƙe da irin wannan takarda ta biyu suna zaton suna da kariyar da ba su da ita, kamar yadda masu ba su kaya ke zaton sai sun sha wahalar da doka ba ta ɗora musu ba kafin su kai ga dukiyar mai shagon.